Bayan sabunta waya yatsana ya daina buɗe manhajar banki, faski ma ya ɓace

Bashir: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wayata mai Android ce, jiya da dare ta sauke sabuntawa ta kashe kanta ta kunna. Da safe ta nemi lambar buɗe waya, na sa, ta buɗe. Sai na ga yatsa yana yi yana ƙi, shi ne na shiga Settings na goge zanen yatsan na sake dangwala sabo. Yanzu yana buɗe fuskar wayar lafiya lau. Amma manhajar banki ta ƙi karɓarsa, kalmar sirri take nema. Imel ɗina na aiki kuma da faski nake shiga, wato `passkey` da ake shiga da shi ba sai an rubuta kalmar sirri ba, yanzu in na danna sai ta rubuto min `No passkeys available`. Sabuntawar ce ta share min komai? Ina mafita?

Garba Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Ai ka gama yi da kanka Malam Bashir. Faski a jikin zanen yatsa yake, ranar da ka goge yatsan ranar ya tafi. Ka kwashe hotunanka da lambobinka a yi mata filashin, ka fara daga farko.

Rabi S.: Don Allah Malam Bashir kada ka yi filashin, kada kuma ka cire makullin fuskar wayar ka mayar da ita marar lamba. Waɗannan biyun su ne za su mayar da ƙaramar matsala babba. Malam Garba, maganarka ta yi daidai a kan manhajar banki, amma ba ta yi daidai a kan faski ba. Abubuwa uku ne suka same shi a lokaci guda, shi ya sa suke kama da abu ɗaya.

Na farko ba matsala ba ce ma. Duk wayar da aka kashe aka kunna, Android ko iPhone, sai ta nemi lamba kafin yatsa ko fuska su yi aiki, saboda bayanan cikinta a ɓoye suke, kuma da lambar ake warware mabuɗinsu. Yatsa ba ya iya wannan aikin. Sabuntawa kuwa dole ta kashe wayar ta kunna. Mutane da yawa a nan suke fara zargin sabuntawa, alhali ko caji ne ya ƙare ta mutu haka za ta yi.

Bashir: Wannan na gane, kuma lambar tana kaina. Bankin fa?

Rabi S.: Ranar da ka kunna shiga da yatsa a manhajar banki, manhajar ta ƙirƙiri wani mabuɗi ta ba wayar ajiya a wani sashe na musamman da sauran manhajoji ba sa leƙawa. Ta kuma sa sharaɗi: in aka ƙara sabon yatsa a wayar nan, ko aka goge duk waɗanda ke ciki, a lalata mabuɗin. Da gangan ake yin haka. Ka ɗauka wani ya leƙi lambarka, ya ɗauki wayar ya yi wa yatsansa rajista. Ba don sharaɗin nan ba, da ya shiga asusunka kai tsaye. Ita manhajar ba ta san kai ne ka sake dangwala naka ba, abin da ta sani kawai jerin yatsun ya canza.

Mabuɗin nan ba ya dawowa, ko da yatsa ɗaya ka goge ka mayar. Gyaran shi ne ka shiga da kalmar sirrin bankin, ka je wajen saitin tsaro a cikin manhajar, ka kashe shiga da yatsa ka sake kunnawa. Za ta ƙirƙiri sabo. Kada ka goge manhajar ka sake saukewa, don wasu bankunan za su ɗauke ta a matsayin sabuwar waya su sa ka sake tantancewa tun daga tushe.

Garba Mai Gyara: To ai abin da na faɗa ke nan, goge yatsa ya kashe mabuɗi. Amma Hajiya ni fa na ga wayoyi da yawa da ba wanda ya taɓa yatsan, sabuntawa kawai aka yi, manhaja ta dawo tana neman kalmar sirri.

Rabi S.: Ban musa ba, yana faruwa. Wata manhajar ma duk lokacin da ta ga an canza sigar tsarin wayar takan nemi a sake shiga. Amma shi ya faɗa da bakinsa ya goge ya sake, kuma wannan kaɗai ya isa ya jawo abin. Ko wanne ne dai, maganin ɗaya ne, kuma babu filashin a ciki.

Hajiya Binta: Sannunku. Ni ma tawa haka ta yi min. Tun da ta yi sabuntawa take cewa in zana wannan zanen na ɗigo-ɗigo, ni kuma na fi shekara da yatsa kawai nake buɗewa. Wanda ya sa min zanen ma ba ya kusa. Na gwada na gwada yanzu tana cewa in jira. Ina ne zan danna in kashe in kunna yatsan kamar yadda kika ce?

Auwal: Hajiya taki daban ce, shi wayarsa a buɗe take, ke taki a kulle. Amma shekara guda ba ta nemi zanen ba? Android fa duk awa 72 sai ta tilasta a sa lamba ko zane ko da yatsa yana aiki.

Hajiya Binta: To wataƙila yaran ne suke buɗe min in ta yi haka, ni dai miƙa musu nake yi.

Rabi S.: Hajiya ki dakata da gwadawa, kowane kuskure yana ƙara tsawon jiran. Ki tambayi yaran, in su suke buɗewa to ɗayansu ya san zanen. Zan dawo kanki, bari in ƙarasa na faski.

Malam Bashir, faski ba zanen yatsa ba ne, kuma shafin da kake shiga bai taɓa ganin yatsanka ba. Mabuɗai ne guda biyu masu tafiya tare. Ɗaya yana wajen shafin, ɗayan na sirri yana wajenka a cikin ma'ajiyar kalmomin sirri. In za ka shiga, shafin ya aiko da saƙon gwaji, ma'ajiyar ta sa masa hannu da mabuɗin sirrin ta mayar. Aikin yatsa kawai shi ne ya tabbatar wa wayar cewa mai ita ne ke riƙe da ita, kamar mai gadi a bakin ƙofar ɗakin ajiya. Ka canza mai gadi, kayan suna nan a ɗaki. Shi ya sa a mafi yawan lokuta in yatsa ya ƙi, za ka ga `Use PIN` ko makamancinsa a ƙasa, ka sa lambar buɗe waya, faskin ya yi aiki.

Kai ba a ma kai ga tambayar ka yatsa ba. Saƙon da ka gani yana nufin wayar ta duba ba ta ga faskin ba a inda ta duba. Tambayar ita ce, ranar da ka ƙirƙire shi a ina ka ajiye shi? A Google Password Manager, ko a ma'ajiyar kamfanin da ya ƙera wayar, ko a wata manhaja da ka sauke da kanka?

Bashir: Ina da wata manhajar ajiye kalmomin sirri da na sauke da kaina, a nan nake sa komai. Ina zaton can ya shiga.

Rabi S.: Madalla, mun kusa. Daga Android 14 aka fara barin irin waɗannan manhajojin su riƙe faski, amma sai an kunna su a saiti wayar za ta riƙa tambayarsu. Ka shiga Settings, a wajen bincike ka rubuta `passkey`. Sunan shafin ya bambanta daga waya zuwa waya, a wasu `Passwords, passkeys & accounts` ne. Ka duba wace ce aka zaɓa a matsayin babba, kuma manhajarka tana kunne ko a kashe. Ka faɗa min abin da ka gani.

Zainab: Kafin ya dawo, ni gaskiya maganar "in yatsa ya ƙi ka sa lamba" ba kullum take yi ba. Ina amfani da iPhone, na taɓa yin tafiya, ina son shiga wani shafi da faski, Face ID ya ƙi gane ni, kuma ko kaɗan ba ta ba ni zaɓin lamba ba. Da na dawo gida ta koma tana bayarwa.

Rabi S.: Gaskiya ne Zainab, shi ya sa na ce mafi yawan lokuta. Ki duba ko `Stolen Device Protection` yana kunne. Ya zo ne a iOS 17.3. In yana kunne kuma wayar ba ta a wurin da ta saba kamar gida ko wajen aiki, to amfani da kalmomin sirri da faskin da aka ajiye sai da Face ID ko Touch ID, lamba ba ta maye gurbinsu. Canza lambar buɗe wayar ma sai an jira awa ɗaya an sake tantance fuska. An yi shi ne don ɓarawon da ya leƙi lambar mutum kafin ya fizge wayar. Android ma tana da irinsa a wasu wayoyin, `Identity Check`. Duk wanda na'urar karanta yatsansa ke ba shi wahala ya san da wannan kafin ya kunna.

Zainab: Yana kunne kuwa. Kuma ba zan kashe ba, na gwammace wahalar.

Bashir: Na duba. Manhajar tawa tana cikin jerin amma a kashe take. Na kunna. Yanzu in na danna shiga imel ɗin sunanta yana fitowa, sai dai tana cewa in buɗe ta da babbar kalmar sirrinta. Da yatsa nake buɗe ta a da.

Rabi S.: Ka ga faskin bai je ko'ina ba ke nan, da alama yana ciki. Ita ma manhajar abin da ya sami ta banki ne ya same ta, mabuɗin da take buɗewa da yatsa ya lalace da ka canza yatsan. Ka sa babbar kalmar sau ɗaya, ka sake kunna yatsa a saitinta.

Bashir: Nan fa ake yin ta. Na rubuta ta a takarda tun ranar farko, takardar tana gida, ni kuma ina wajen aiki kuma imel ɗin nake buƙata yanzu.

Auwal: Ka buɗe shafin a kwamfuta, ka zaɓi shiga da waya, zai fito da lambar QR ka ɗauka da kamara. Ni haka nake yi.

Rabi S.: Hanyar tana aiki, amma ba a nan ba. Abin da QR yake yi shi ne ya bar kwamfuta ta yi amfani da faskin da ke cikin waya. Sai an kunna bulutut a duka biyun don a tabbatar suna kusa da juna, kuma duka suna kan intanet. Shi kuwa faskin cikin wayar ne a kulle, ko ya ɗauki QR ɗin manhajar za ta sake neman babbar kalmar. Da yana da wata wayar ko kwamfutar hannu da manhajar take a buɗe, da sai ta yi amfani.

Malam Bashir, a shafin shiga imel ɗin ka soke tambayar faskin, ka nemi rubutun da ke cewa a gwada wata hanya. A Google `Try another way` ne, sauran ma suna da makamancinsa. Ƙirƙirar faski a yawancin shafuka ba ta goge tsohuwar kalmar sirri, tana nan. Bayan ita za a nemi mataki na biyu, ya danganta da abin da ka saita: lamba ta saƙon tes, ko lamba mai canzawa daga manhajar tantancewa, ko lambobin ko-ta-kwana. A Google waɗannan guda 10 ne, kowace tana da alƙaluma 8, kuma sau ɗaya ake amfani da kowace. Jerin ba zai nuna maka abin da ba ka saita tun da ba. In kuma akwai kwamfutar da imel ɗin yake a buɗe a kanta, kada ka fita daga ciki ko ka share bayanan burauza har sai an gama.

Bashir: Kalmar sirrin imel ɗin ma a cikin manhajar take, doguwa ce ita ta ƙirƙira min. Amma imel ɗin yana buɗe a kwamfutar ofis, ban ma tuna ba. Zan yi aiki da shi a can har in koma gida.

Auwal: To ku gaya min amfanin faskin nan. An ce ya fi kalmar sirri tsaro, amma da ya ƙi sai a ce koma kalmar sirri da saƙon tes. Ɗan damfara ma ai `Try another way` zai danna. Ƙofar baya tana nan a buɗe.

Rabi S.: Akwai gaskiya a maganarka. Muddin tsohuwar hanyar tana nan, wanda ya sace ta zai iya bi. Ribar da ake samu ita ce faski ba ya aiki a shafin bogi, domin an ɗaure shi da ainihin adireshin shafin, kuma babu abin da za ka rubuta balle a yaudare ka ka rubuta. Wanda ya saba shiga da faski, ranar da wani shafi ya nemi ya rubuta kalmar sirri zai tsaya ya duba. Ni a nawa asusun na cire saƙon tes, na bar lambobin ko-ta-kwana a takarda da faski na biyu a wata na'urar.

Auwal: Ke kin iya. Yawancin mutane waya ɗaya gare su, layi ɗaya, in suka cire tes ranar da wayar ta faɗa ruwa sun shiga uku. Ni ban gamsu ba.

Zainab: Ni ma a nan ina tare da Auwal. Mai waya ɗaya ya bar tes ɗinsa, ya fi a ce ba shi da komai.

Rabi S.: Mai waya ɗaya ban ce ya cire ba sai ya fitar da lambobin ko-ta-kwana ya ajiye. Bayan haka kowa da lissafinsa.

Shugaban Zaure: Sanarwa. An kawo min ƙorafi wani ya bi Hajiya Binta ta bayan fage yana cewa zai buɗe mata wayar daga nesa in ta turo lambar da za ta shigo layinta. Na cire shi. Ba wanda zai buɗe waya a kulle da lambar tes, asusun mutum ake sacewa da ita.

Hajiya Binta: Ban tura ba, Allah ya tsare. Babbar 'yata ta ce ta san zanen amma sai ta ga wayar a hannunta za ta tuna, ba ta iya kwatantawa a baki. Sai gobe za ta zo. In ita ma ta kasa fa?

Garba Mai Gyara: Sai filashin Hajiya, wannan kam ba makawa. Kuma ki tabbata kin san imel da kalmar sirrin asusun Google da ke kan wayar, don bayan an goge ta sai ta nema kafin ta bari a shiga. Kullum ana kawo min wayoyin da suka maƙale a nan.

Rabi S.: A nan Malam Garba ya yi daidai. Ƙarin da zan yi, duk abin da ba a ajiye a intanet ba, to zai tafi. In kina da faski a Google Password Manager, kwafinsu yana asusunki amma a ɓoye yake ta yadda kamfanin ma ba ya iya karantawa. Kafin su dawo a wayar da aka goge, za a nemi tsohon makullin fuskar wayar, wato zanen nan da aka manta, ko lambar sirrin ma'ajiyar in kin taɓa saitawa. In babu ko ɗaya, sai a bi kowane shafi ta hanyar dawo da asusu a ƙirƙiri sabo. Don haka ki ajiye wayar ki bar ta haka har 'yarki ta zo, ita ma ta natsu kafin ta zana, kada ta yi ta jera gwaji.

Garba Mai Gyara: Wani abu da ba a taɓo ba, me ya sa yatsan nasa ya fara ƙi tun farko? Malam Bashir, na'urar yatsan a ƙarƙashin gilashin take? Akwai gilashin kariya a kai? An taɓa canza fuskar wayar?

Bashir: A ƙarƙashin gilashi take, kuma akwai kariya mai kauri. Fuskar ta asali ce.

Garba Mai Gyara: To ni zargina yana kan kariyar nan da bushewar yatsa, ba sabuntawa ba. In ya sake yi ka goge gilashin, ka ɗan jiƙa yatsan da numfashi, ka duba ko wayar tana da saitin ƙara jin taɓawa don masu gilashin kariya. In ka jera kuskure biyar za ta dakatar da yatsan ta nemi lamba, ba lalacewa ba ce. Da an canza fuskar ne da sai in ce na'urar tana buƙatar a daidaita ta da sabon gilashin.

Rabi S.: Zai iya zama hakan, amma sabuntawa kan taɓa yadda na'urar ke karanta yatsa, kuma washegari abin ya fara. Ba zan wanke ta ba.

Garba Mai Gyara: Ni ma ban wanke ta ba, na ce a fara duba mai sauƙi.

Bashir: Na iso gida, na samu takardar. Manhajar ta buɗe, faskin yana ciki, imel ya shiga da yatsa. Banki ma na shiga da kalmar sirri na sake kunna yatsan. Saura tambaya ɗaya. Ina so in ƙara yatsan hannun hagu, hakan zai sake kashe su?

Rabi S.: Na banki da na manhajar ajiyar, eh, da alama za su sake neman kalmar sirri, tunda ƙari ma canji ne. Faskin kansa ba abin da zai same shi. Ka ƙara yanzu tun takardar tana hannunka, ka sake kunna su gaba ɗaya. Sannan ka shiga saitin tsaron imel ɗin ka ga ko yana ba da lambobin ko-ta-kwana. Tunda na aiki ne, wataƙila sai ka bi ta wajen mai kula da kwamfutocin ofishinku, don a irin waɗannan asusun su ke zaɓar hanyoyin da aka yarda da su.

Auwal: Kada kuma ka ajiye lambobin a cikin manhajar da ta kulle ka yau.

Hajiya Binta: Rabi, in 'yar tawa ta buɗe gobe, zan iya canza zanen ya koma lamba? Ko shi ma zai lalata min na bankin?

Rabi S.: Za ki iya. Ki shiga wajen makullin fuska ki zaɓi `PIN` kai tsaye daga zanen, kada ki bi ta `None` ko `Swipe`, don su ne ke goge yatsun da mabuɗan da ke rataye da su. Ki yi a gabanta, ta sa zanen, ke ki zaɓi lambar.